Lamba 412 mutum biyu ne: muhawara kan haɗa rumbun Damagaram da na Magarya

Rabi: Assalamu alaikum jama'a. Shagon sarin da nake riƙe wa lissafi yana da reshe biyu, ɗaya nan Damagaram wajen Kasuwar Dole, ɗaya a Magarya. Manhaja ɗaya ce, a kan MySQL take, amma kowane reshe da rumbun bayanansa, kuma kowanne daga 1 ya fara ba abokan ciniki lamba. Alhaji yana so a haɗe su kafin ƙarshen shekara. Sani ya ce a ƙara 100000 a kan kowace lambar Magarya, shi ke nan an gama. Haka ne?

Sani: Wa alaikumus salam Anti. Har yanzu ina kan bakana. Na duba, lamba mafi girma a nan 5200 ce, a Magarya 3120. In aka ƙara musu dubu ɗari, 412 na can ya koma 100412, namu ya zauna a 412 ɗinsa. Ina karo? Kuma duk wanda ya ga lambar da ta wuce dubu ɗari ya san mutumin Magarya ne. Aikin yamma ɗaya ne wannan.

Nafisa: Ni dai da UUID, doguwar lambar nan da ba ta maimaituwa, za a koma a huta. Ba reshen da zai sake cin karo da wani har abada, ko an buɗe na uku a Tanut.

Ilya: Ai matsalar Magarya rezo ce. Ku sa musu intanet mai ƙarfi, duk abin da suka rubuta ya zo nan kai tsaye.

Rabi: Ilya, ba maganar aikowa ake ba tukuna. Bayanan shekarun baya ne ke da lambobi iri ɗaya.

Malam Habu: Sani, lissafinka daidai ne a tebur ɗaya, wato `clients`. Amma lambar mutum ba a nan kaɗai take zaune ba. Tana cikin `factures`, tana cikin `paiements`, wataƙila tana cikin teburin kayan da aka mayar da na ajiyar kuɗi. Ko'ina sai an ƙara dubu ɗarin nan. Kuma abin da ke ba ni tsoro ba mantuwar ba ce, yadda mantuwar ke ɓoyewa ne.

Bari mu ɗauki 412 ɗin da ka ambata. A ce na Magarya ya ɗauki kayan jika 850, ya biya 600, saura 250 a kansa. Na Damagaram kuwa jika 40 kawai ake binsa. Ka gyara `clients`, ka gyara `factures`, ka manta `paiements`. Layin biyan jika 600 ya shigo sabon rumbu yana cewa na 412 ne. Akwai 412? Akwai, ga shi nan, mutumin Damagaram. Na'ura ba za ta ce uffan ba, ko da an ɗaure teburan da `FOREIGN KEY`, domin ita abin da take tambaya kawai shi ne ko lambar tana nan. Sai a wayi gari na Magarya ana binsa 850, na Damagaram kuma shi ke bin shago 560.

Sani: Ai Anti Rabi za ta gani in ta haɗa jimilla.

Malam Habu: To haɗa mana. Kafin aiki: 250 da 40, 290. Bayan aiki: 850 a cire 560, nawa ke nan?

Rabi: Inna lillahi. 290.

Malam Habu: Kin gani. Jimillar bashin shago ba ta motsa ko dala ba. Ba za ku sani ba sai ranar da aka kira mutumin Magarya a waya aka ce ya kawo 850, ya taso da rasit ɗinsa a hannu da fushi.

Sani: Wannan ai laifin mai aiki ne Malam, ba na dabarar ba. In na bi teburan ɗaya bayan ɗaya ban tsallake ko ɗaya ba fa? Kuma in akwai `ON UPDATE CASCADE` ma ita da kanta za ta bi su.

Malam Habu: In akwai. Ka buga `SHOW CREATE TABLE paiements` ka gani. In ka ga `ENGINE=MyISAM` a ƙasa, to babu wani ɗauri tsakanin teburan, MyISAM ba ta aiki da shi ko an rubuta. Amma na yarda, mai natsuwa zai iya bin su duka. Ga tambayar da ta fi wannan: ranar da aka haɗa, Magarya za ta daina rubutu a nata rumbun?

Rabi: A'a. Alhaji ya ce su ci gaba yadda suke, duk ƙarshen wata a kwaso sababbin a zuba nan. Saboda wuta da rezo.

Ilya: Ba na faɗa ba?

Malam Habu: Ka faɗa Ilya, ta wannan gefen da gaskiyarka. To Sani, saurara. Da ka zuba mutanen Magarya, lamba mafi girma a teburin ta zama 103120. `AUTO_INCREMENT` daga mafi girma take ɗorawa, kuma ba ta yarda a mayar da ita ƙasa da abin da ke cikin tebur. Sabon abokin cinikin da ya shigo shagon Damagaram washegari 103121 zai samu, ba 5201 ba. A can Magarya kuma sabon mutumsu ya samu 3121. Ƙarshen wata ka ƙara masa dubu ɗari. Me ya zama?

Nafisa: 103121 😂

Malam Habu: In an yi sa'a ta tsaya ta ce `Duplicate entry`. In kuwa wani ya gaji da ganin kuskuren ya sa `INSERT IGNORE`, za ta jefar da mutumin Magarya shiru, faktir ɗinsa su manne wa na Damagaram.

Sani: To sai a rufe na Magarya ran nan, kowa ya koma rumbu ɗaya.

Malam Habu: In za a iya haka, dabararka ta tsaya da ƙafarta ta fuskar karon lamba. Amma ka ji abin da Alhaji ya ce.

Nafisa: Shi ya sa na ce UUID tun farko.

Mushe Laminu: Ƴata, baƙaƙe 36 ne fa. Mai shago a ƙauye zai kira ya ce a duba masa bashinsa, wa zai karanta wannan a waya? Ni abin da ya same mu daban ne. A wata ƙungiyar adashi da na yi wa aiki, wanda aka ɗauko ya haɗa rassa ya ce duk masu lambar waya ɗaya mutum ɗaya ne. Ashe akwai ƙauyen da mata da yawa lambar mai gari suka bayar. Aka dunƙule su suka zama mace ɗaya mai ajiya mai yawa. Da littafin takarda aka warware, kuma an sha wuya.

Nafisa: Mushe, ba wanda zai karanta ta. A ciki take zama, mutane su ci gaba da ganin gajeriyar lamba.

Malam Habu: Nafisa na da gaskiya a nan, kuma ga sababbin mutane daga yau maganinta mai kyau ne in mai manhajar zai taɓa ta. Sai dai labarin Mushe ya kai mu inda dubu ɗari da UUID duk ba sa kaiwa. Dukansu suna raba mutum biyu masu lamba ɗaya. Ba wanda ke haɗa mutum ɗaya mai lamba biyu. Rabi, ba ku da masu saye a rassan biyu?

Rabi: Da yawa ma. Akwai wanda a nan aka rubuta shi `Issoufou`, a can `Yusuf`, don yaron da ke rubutu a Magarya a Najeriya ya yi karatu. A nan lambarsa ta Nijar ce mai alƙaluma 8, a can ta +234 ya bayar.

Malam Habu: To wannan a tsarin Sani zai zama 87 a nan, 101940 a can, kowanne da rabin bashinsa. In Alhaji ya ce kada a ba kowa bashi sama da jika 500, shi sai ya ci miliyan ba a sani ba. Kuma ina jin dalilin haɗawar ke nan tun asali.

Abin da nake yi shi ne teburin fassara. Kowa a ba shi sabuwar lamba a rumbun tsakiya, har mutanen Damagaram, a ajiye tsohuwar da sunan reshenta:

```sql
CREATE TABLE carte_clients (
  agence CHAR(3),
  ancien_id INT,
  nouvel_id INT NOT NULL,
  PRIMARY KEY (agence, ancien_id)
);
```

412 na nan layinsa daban, 412 na can layinsa daban. Shi kuma mai suna biyun nan, layuka biyu ne masu nuni ga `nouvel_id` ɗaya. Duk faktir da duk biya ta wannan ƙofar za su shigo:

```sql
INSERT INTO paiements (agence, ancien_num, client_id, montant)
SELECT 'MAG', p.num, c.nouvel_id, p.montant
FROM mag.paiements p
JOIN carte_clients c
  ON c.agence = 'MAG' AND c.ancien_id = p.client_id;
```

Wanda ya zo da tsohon rasit mai 412, a tambaye shi reshen da ya saya, a same shi. In kuma aka gano an haɗa mutum biyu bisa kuskure kamar matan Mushe, kowane layi na ɗauke da reshensa da tsohuwar lambarsa, ana iya komawa a raba.

Nafisa: Malam, `JOIN` ɗin nan zai zubar da duk biyan da mai shi ba ya cikin teburin fassara, kuma shi ma shiru zai yi.

Malam Habu: Ƙwarai. Shi ya sa ake ƙirga layuka: na Damagaram da na Magarya in an tara su, dole su yi daidai da na tsakiya, tebur bayan tebur, ban da `clients` da zai ragu in an haɗa masu lamba biyu. In sun gaza, galibi abokin ciniki ne aka goge tun da daɗewa aka bar takardunsa. Sannan bashin kowane mutum shi kaɗai, kafin da bayan, ba jimilla ba. Kuma duk wannan a kan kwafi, ba a kan rumbun da ake ciniki da shi ba.

Sani: Ni har yanzu ina ganin aikin ya yi yawa ga shago mai mutum dubu takwas. Dubu ɗarin ma ai fassara ce, sai dai ba ta buƙatar tebur. A yi ta, masu suna biyu a bi su daga baya a hankali.

Malam Habu: Daga baya in ka haɗa 101940 da 87, a ina za ka rubuta cewa ka haɗa, don kwasar wata mai zuwa ta san inda za ta kai sababbin faktir ɗinsa?

Sani: A wani ɗan tebur.

Nafisa: 😂😂

Sani: Ɗan ƙarami dai, na su kaɗai. Ba na kowa da kowa ba.

Rabi: To wa zai yanke cewa wane da wane mutum ɗaya ne? Ni ban san mutanen Magarya da fuska ba.

Malam Habu: Ba na'ura ba. Ita ta fito da waɗanda ake zato, masu lambar haraji ta NIF ɗaya ko waya ɗaya ko suna mai kama, a buga a takarda. Ke da mai riƙe reshen Magarya ku zauna ku bi su. Wanda kuka yi shakka a bar shi biyu.

Mushe Laminu: Ku tambayi Alhaji ma tukuna. Akwai ɗan kasuwar da da gangan yake raba asusunsa, na can ƙanensa ke juya shi da sunansa. Ku haɗe musu bashi ku tayar da rigimar gida.

Rabi: Wannan kam akwai su, aƙalla biyu na sani. Zan kai masa maganar gobe bayan la'asar. Sani, kafin nan turo min sunayen duk teburan da ke da `client_id`.

Sani: To Anti. Amma akwai ɗaya da aka rubuta `code_cli` a maimakonsa, ban tabbata ko abu ɗaya ba ne, sai na buɗe na gani.