Abin da aka tattauna kan gane lafiyar batir mai ruwa

1. Kowa ya yarda kada a auna batir yana sauka daga caji. A bar shi ya huta awanni. Batir mai 12V in ya cika zai nuna kusan 12.6V, 12.2V kuwa rabin caji ke nan.

2. Dole ruwa ya rufe farantan da ke cikin batir. Ruwan batir tatacce ake ƙarawa, ban da asid ko ruwan famfo.

3. Ma'aunin haidiromita, wanda ke auna nauyin ruwan batir, ya fi faɗin gaskiya. Gida, wato ɓangaren cikin batir mai nasa ruwa, in ya cika da caji yana nuna kusan 1.265. In gida ɗaya ya gaza sauran da 0.050 bayan caji, ya lalace.

An rabu kan batirin da ya tsaya a 10.5V. Wasu sun ce a gwada caji a hankali tukuna, mafi yawa suka ce gida ɗaya ya mutu, a canza shi.