Neman kalma: da wane suna za mu kira QoS?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Ina rubuta wa iyaye da malamai ɗan jagora kan saita rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ta yadda darasin kai tsaye da kira ba za su riƙa yankewa ba idan wani a gidan ya fara sauke babban fayil. A allon rauta sunan wurin QoS ne, wato Quality of Service. Na rubuta "ingancin hidima", amma duk wanda na karanta wa sai ya ɗauka ina maganar yadda kamfani ke kula da abokan ciniki. Jama'a ku taimaka da kalma.

Malamar aji: Wa alaikumus salam. Ni dai da za a bi tawa, a ce "ƙarin gudu". Ai abin da ake nema ke nan. Ina tsaka da koyarwa muryata ta fara karkatsewa, yara na ta rubuto cewa ba sa ji, ashe ƙanina ne a ɗaki wayarsa ke tura hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyarsa ta intanet.

Mai haɗa layi: Malama, wannan sunan zai yaudari mutane, domin ko megabit ɗaya ba ya ƙarawa. Hasali ma idan an saita shi daidai, ɗan ragewa yake yi. Amma misalinki ya taɓo ainihin ciwon. Mu ɗauka layinki yana sauke megabit 20, yana tura megabit 2. Wayar ƙaninki ta fara turawa da iya ƙarfinta, sai fakitoci, wato ƙananan ƙunshin data, suka taru a ma'ajiyar jira ta cikin modem. A ce ma'ajiyar tana ɗaukar kilobait 256, wato kusan megabit 2. Idan ta cika, duk fakitin da ya zo sai ya jira kusan daƙiƙa guda kafin ya fita, har da na muryarki, alhali kira yana fara lalacewa idan jinkirin tafiya ɗaya ya wuce kamar milisakan 150. Muryarki ba ta cin data mai yawa, tsayuwa a bayan kayan wani ne ya kashe ta. Kamar a asibiti ne, mai zubar jini ya tarar da dogon layin masu karɓar kati. Abin da ake so shi ne a ce masa ya wuce. Saboda haka ni "tsarin fifiko" nake cewa.

Wani ɗalibi: Yaya, ba shi ne inda ake sa wa kowa iyaka ba? Ni na sa wa wayar kowa megabit 3 kuma an samu sauƙi. A ce "rabon data" kawai a huta.

Mai haɗa layi: Ƙanena, ka kama rabi. Iyaka tana aiki, amma ko da tsakar dare babu kowa a layin, mai saukewa yana nan a kan megabit 3 ɗinsa, sauran yana zaune a banza. Fifiko kuwa ba ya taɓa kowa sai lokacin cunkoso. Sannan ina jin ta ɓangaren saukewa kaɗai ka sa iyakar. Duba turawa, can ne ƙofar ta fi ƙanƙanta.

Mai fassara: To "rabon data" ma wasu za su ɗauka kyautar data ake yi. Na fi karkata ga "tsarin fifiko". Sai dai Malam, ka ce yana rage gudu. Ina fifiko ina ragewa?

Mai haɗa layi: Nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Rautarka ba za ta iya sa wani gaba a layin da ba a hannunta yake ba. Idan cunkoson a cikin modem ko a na'urar kamfani yake taruwa, duk dokar da ka rubuta ado ce. Dole ka sa rautar ta riƙa fitar da kaya ƙasa kaɗan da abin da layin ke iya ɗauka, don jerin jiran ya dawo cikinta. Ka auna gudun da kebul, lokacin da babu mai amfani, ka maimaita a lokuta daban-daban, ka ɗauki mafi ƙanƙanta, sannan ka sa kamar kashi 90 cikin 100. A layin Malama ya zama megabit 18 saukewa, 1.8 turawa. Kada ka sa lambar da kamfani ya rubuta a tallarsa. A OpenWrt, manhajar da wasu ke sa wa rauta, ana girka luci-app-sqm, wato SQM mai tsara jerin jira, a zaɓi tsarin da ake kira cake. Wanda ke kan Linux kai tsaye, ɓangaren turawa ke nan, in eth0 ce ƙofar da ke fita waje:

```
tc qdisc replace dev eth0 root cake bandwidth 1800kbit diffserv4 nat
```

Gwajin mai sauƙi ne. Ka bar wannan ping ɗin, mai auna jinkirin zuwa da dawowa, yana gudana, ka fara tura babban fayil:

```
ping 8.8.8.8
```

Idan milisakan 30 ya haura zuwa 800, akwai cunkoso. Bayan saiti ya kamata ya tsaya kusa da inda yake. In har yanzu yana tsalle, rage lambar zuwa kashi 85 ka sake gwadawa.

Dattijo mai gyaran rubutu: Ashe abu biyu ne kuke ta neman cusawa a kalma ɗaya. Na farko, wato riƙe gudun, ku ce "jan linzami", kowane Bahaushe zai gane. Na biyun ni "ba da hanya" ya fi mini daɗi a baki. Fifiko yana da ƙamshin son kai, kamar an zaɓi ɗan gata.

Malamar aji: Baba ai ɗan gatan nake so a zaɓa! Ni tambayata, ta yaya rautar za ta san wannan darasi ne wancan wasa ne?

Mai haɗa layi: Ba kullum take sani ba, Malama. Akwai alama da ake sa wa fakiti, DSCP. Ta murya EF ce, lambarta 46, bidiyon kira yawanci AF41, wato 34, kayan da za su iya jira kuma CS1. Amma ba kowace manhaja ke sa alamar ba, kuma kamfanoni da yawa suna goge ta a hanya, don haka abin da ke shigo miki sau da yawa ba shi da ita. Abin da ke ceton mu shi ne cake da takwaransa fq_codel suna ware kowace hanyar sadarwa a nata jerin, kuma mai aiko kaɗan-kaɗan, irin murya, shi ake fara sallama ko babu alama. Shi ya sa "ba da hanya" ta Baba ta fi dacewa da abin da ke faruwa a zahiri: ba a san ko waye ba, an dai ga kayansa kaɗan ne an matsa masa. Darasin da aka riga aka ɗauka kuwa, a wajen rauta saukewa ne kamar kowanne. Amma shi yana tara na gaba ya ajiye, ba ya jin zafin ɗan jinkiri. In dole sai an bambanta, a ba kwamfutar darasin adireshi tsayayye a fifita ta ita kaɗai.

Wani ɗalibi: Na gwada yanzu, ping ɗin bai gyaru ba. Rautata ta sim ce.

Mai haɗa layi: Ta sim sai haƙuri. Gudunta na iya zama 25 da safe ya koma 6 da dare, kashi 90 na wanne za ka ɗauka? Ko ka sa lambar dare ka yi asarar ta safe, ko ka nemi cake-autorate mai bin layin yana gyara lambar da kansa. Kuma ka fara tabbatarwa ba Wi-Fi ɗinka ne mai rauni ba, ka yi ping ɗin adireshin rautar kanta ka gani.

Mai fassara: Na gode ƙwarai. "Jan linzami" ya zauna. A kan babi zan rubuta "tsarin fifiko", a cikin bayani in riƙa cewa a ba darasi hanya, kuma zan bar QoS da SQM yadda suke tunda su mutum zai nema a allo.

Dattijo mai gyaran rubutu: Ban yarda da kan babin ba, ɗana. Ka karanta wa mutum biyar da ba su san na'ura ba duka biyun, ka dawo mana da abin da suka fahimta. Shi cunkoson ma'ajiyar fa, wa ya raɗa masa suna?