Sanda ɗaya aka buga, amma ƙara ta tashi daga majistare zuwa babbar kotu

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya taimaka min da abin da ya gani. Ƙanena ya yi faɗa da wani a bakin kasuwa kan wurin ajiye baro, ya ɗauki sanda ya buga masa a ka. Aka kai mu kotun majistare da tuhumar jin rauni, aka ba da belinsa ranar, muna zuwa asibiti muna dubiya, har an fara maganar sulhu. Kwana tara mutumin ya cika. Da muka koma kotu sai ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya kawo sabuwar takarda, alƙali ya ce shi ba shi da hurumi, a kai shi gidan gyaran hali a jira shawarar ma'aikatar shari'a. Yau wata huɗu ke nan. Ba na cewa bai yi laifi ba, rai aka rasa, kuma iyalan mamacin suna raina kullum. Amma alƙalin nan da ya saurare mu jiya, me ya hana shi yau?

Ɗan Kurmi:
Allah ya jiƙan mamaci. Ni a sanina kuɗi ne ke raba kotuna. In abin da ake rigima a kai ya yi yawa sai a haura sama. Wataƙila diyya ce ta fi ƙarfin majistaren.

Tsohon Rajistara:
Malam Ɗan Kurmi, wannan a shari'ar bashi da ciniki ne, can ne ake duba yawan kuɗi. A shari'ar laifi abin da ake dubawa shi ne hukuncin da doka ta rataya wa laifin. Kowane majistare yana da iyakar shekarun ɗaurin da zai iya yankewa, gwargwadon matakinsa da dokar jiharsa, kuma babu majistaren da ke yanke hukuncin kisa. In laifi ya kai can, hannunsa bai kai ba, ko da shi ya fara sauraron maganar.

Baban Ilham, bari in bi maka sandar nan a tsohuwar dokar Pinal Kod ta Arewa, wadda na yi aiki da ita. Wasu jihohin kamar Kaduna sun sake tasu, lambobin sashe sun canza, amma tsarin bai yi nisa ba. Da ya buge shi ya kumbura kawai, jin rauni ne, sashe na 246, bai wuce shekara 1 ko tara ba. Da ƙashi ya karye, ko ido ya tafi, ko ciwon ya sa rai cikin haɗari, ko ya kwantar da shi kwana 20 bai iya sana'arsa, ya zama mummunan rauni, sashe na 247, har shekara 7. In da makami mai haɗari aka yi mummunan raunin, ya kai 14. Da mutumin ya rasu kuwa, an shiga babin kisan kai, kuma 'yan sanda sashe na 221 suke rubutawa, mai hukuncin kisa. Wannan na babbar kotun jiha ne. Shi ya sa belin farko ya faɗi: laifin da aka ba da shi a kansa ba shi ne a gaban kotu yanzu ba.

Maman Sadik:
Wallahi maganar ƙashin nan gaskiya ce, har haƙori ma. Ɗana da abokinsa suka yi dambe a filin ƙwallo, haƙorin yaron ɗaya ya fita. Ni na tafi ofishin 'yan sanda da tunanin faɗan yara ne, sai aka ce min doka ta lissafa karyewar haƙori cikin mummunan rauni. Takardar likita ce ta ɗaga abin gaba ɗaya. Mu dai a majistare muka ƙare, iyayen suka yafe, muka biya kuɗin magani. Ban san me zai faru ba da sun ƙi.

Abu Mai Shayi:
Ni ma ina da tambaya. Wani ya ci min dubu 80 na kayan shayi tun bara, ya ƙi biya. Wannan ƙaramin laifi ne ko babba?

Tsohon Rajistara:
Abu, bashi ba laifi ba ne sai in da yaudara ya karɓa tun farko. Ka shigar da ƙarar neman haƙƙi, kada ka kai wa 'yan sanda.

Ɗan Kurmi:
To na karɓi gyara. Amma a unguwarmu an kama yaro da ƙwacen waya wadda ba ta kai dubu 30 ba, shekara biyu yana tsare, wani kuma ya saci babur ya fito a sati. Ina adalcin?

Hajiya Lauya:
Ka tambaya ko yaron yana riƙe da wuƙa. Ɗauke babur a ɓoye sata ce, sashe na 287, iyakarta shekara 5, majistare zai yi ta ya gama. Karɓe waya da ƙarfi fashi ne, in kuma da makami, dokar tarayya ta fashi da makami kisa ta tanada, ko da wayar ta dubu 5 ce. In da wuƙa ne, wuƙar ce ta kai shi babbar kotu, ba wayar ba. Abin da ke ci min rai shi ne na sha ganin an rubuta "da makami" a takardar ƙara ba tare da an kawo ko tsinke a matsayin shaida ba, kuma kalmar nan kaɗai ta isa ta rufe wa yaro ƙofar beli a majistare.

Baban Ilham, abin da aka rubuta ba shi ne ƙarshe ba. Dokar Pinal Kod da kanta ta ware kisan da ya auku cikin faɗan ba-zata, ba shiri, ba cin zali: wannan sashe na 224 ne, ɗauri ne, babu kisa. Lauyoyin ma'aikatar shari'a ne za su karanta fayil su ce wanne za a tuhume shi da shi. Abu biyu za ku yi. Ku bincika ko fayil ɗin ma ya bar hannun 'yan sanda ya isa ma'aikatar, domin a nan yawanci yake kwana. Sannan lauya ya nemi beli a babbar kotu, ita kaɗai ke da ikon bayarwa a irin wannan tuhuma, kuma ba ta bayarwa sai da dalili na musamman. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce tsarewar jiran nan kwana 14 ce a karon farko, a sabunta da hujja, jihohi da dama kuma sun yi irin tata. Wata huɗu abin tambaya ne a gaban alƙali.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan Nijar hawa uku ne irin na Faransa: ƙaramin saɓa doka na tara, matsakaici, sai babban laifi, kowanne da inda ake shari'arsa. Ƙanen matata ya taɓa shiga irin wannan, alƙalin bincike ne ya riƙe maganar wata da watanni kafin a ce ga ajin da ta faɗa.

Tsohon Rajistara:
Kudancin Najeriya ma uku ne a dokarsu: shekara 3 zuwa sama babba, wata 6 zuwa ƙasa da shekara 3 matsakaici, sauran ƙanana. Mu a Arewa, lokacin da nake aiki, jadawali ne a bayan littafin dokar tsarin shari'ar laifuka, kowane laifi da kotun da za ta iya jin sa. Sai dai Hajiya, ni ban cika ganin an sauko daga 221 tun a shawara ba. Yawanci sai an kai ga shaidu.

Hajiya Lauya:
Na ga an sauko, Baba, amma ba kullum ba. Ya danganta da rahoton likita da abin da shaidu suka faɗa kan wanda ya fara.

Baban Ilham:
Na gode ƙwarai. Gobe zan je in ji inda fayil yake. Dangin mamacin sun ce za su iya yafewa in an zauna da manya. Shin yafiyarsu tana tsayar da ƙara irin wannan, ko sai abin da gwamnati ta ce?