Fitar da kusurwar fili da tef da igiya

Masu shata filin ƙwallo sun yi ittifaƙi cewa kusurwa ce ke ɓata aiki. Cikakken fili mita 105 ne a tsawo, 68 a faɗi. Na ƙwallon kwando mita 28 da 15.

Shawararsu: a kafa turke a kusurwa, a auna mita 3 a gefe ɗaya, mita 4 a ɗayan. In tsakanin ƙarshensu ya ba da mita 5, kusurwa ta miƙe. A babban fili gara a ninka zuwa 30, 40 da 50.

Kafin zuba farar ƙasa, a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, ta ɓangarorin biyu. A filin kwando kowanne ya kusan mita 31.8, in sun bambanta, fili ya karkace. Igiyar leda tana ƙara tsawo in an ja ta, don haka tef ne abin dogaro.