Cika tabulon ƙidayar ɗalibai da COUNTIF: lissafina bai cika ba

Mushe Isufu, Tawa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni ke riƙe da jerin ɗaliban kwalejinmu a Excel, su 412 ne, daga layi na 2 zuwa na 413. Kolon A suna, B jinsi, da M ko F, C aji, D mwayen. Duk ƙarshen zango darakta na son tabulo guda: kowane aji mutum nawa, mata nawa, nawa suka samu 10 ko sama. Ajujuwa takwas ne. Da tacewa nake yi aji-aji ina rubuta adadin da hannu, in an sauya wa yaro ɗaya aji sai na koma farko. Wani ƙanena ya turo mini COUNTIF ya ce ita ce magani. Na rubuta yadda ya turo, ordinatar ta ƙi karɓa, da na taɓa ta kuma sai ta fito da `#NOM?`. Wanda ya taɓa yin irin wannan aikin ya gaya mini yadda ya yi.

Hajiya Mariyama, Yamai

Wa alaikumus salam Mushe. Excel ɗinka na Faransanci ne, shi kuma bai san sunan COUNTIF ba, a wurinsa `NB.SI` ne. Abu ɗaya ne, suna ne ya bambanta. Ni na daɗe ina irin wannan tabulon a wurin aikinmu, ga yadda nake jera shi.

Ka rubuta sunayen ajujuwan takwas daga G2 zuwa G9, daidai yadda suke a kolon C. A H2 ka sa wannan:

```
=NB.SI($C$2:$C$413;G2)
```

Ɓangaren farko shi ne inda za a duba, na biyu abin da ake nema. Kada ka rubuta sunan ajin a cikin formil ɗin, ka bar shi ya karanto daga G2, ta haka in ka kama kusurwar gidan ka ja ƙasa har H9, kowane layi zai nemi nasa ajin da kansa. Alamar `$` kuma kada ka manta da ita. Ka zaɓi C2:C413 a cikin formil ɗin ka danna F4, ita za ta sa maka su. A wasu ƙananan ordinatoci sai ka haɗa da Fn.

Abdul mai gyara, Ƙonni

Gaskiyar Hajiya ce. Mu nan mashin da yawa daga Najeriya suke shigowa da Excel na Ingilishi, shi COUNTIF yake ci, da waƙafi a tsakani. Na Faransanci `;` na Ingilishi `,` shi ke nan. Kuma Mushe ka lura da manya da ƙananan baƙaƙe, in ka rubuta f a wani wuri F a wani wuri lissafi zai watse.

Hajiya Mariyama, Yamai

Abdul, zancen baƙaƙen ba haka yake ba. `NB.SI` ba ruwansa da babba ko ƙarami, f da F duk ɗaya ne a wurinsa, gwada ka gani. Shi kuma `;` ko `,` ba harshen Excel ke yanke shi ba, saitin yankin da aka sa wa Windows ne. Ta ofishinmu Excel ɗin Ingilishi ne amma yankin Faransa aka zaɓa, don haka COUNTIF nake rubutawa da `;` a tsakani. Hanya mai sauƙi: da ka buɗe baka bayan sunan formil ɗin, ɗan rubutun taimako zai fito ƙarƙashin gidan, alamar da ka gani a cikinsa ita ce taka. Fayil kuwa in ka tura wa mai ɗaya harshen, da kansa sunan ke juyawa.

Malama Hadiza, Madawa

Ni zancen `$` ɗin nan na gan shi da idona. An miƙa mini wani tabulo da wanda na gada ya yi, babu `$` ko ɗaya. Layin farko na duba C2:C413, na biyu C3:C414, na uku C4:C415, haka yana zamewa ƙasa. Abin mamaki lissafin daidai yake fitowa, saboda jerin aji-aji aka tsara shi, yaran da ke faɗuwa daga sama duk ƴan ajin farko ne, an riga an ƙirga su. Ranar da aka ce a jera sunaye daga A zuwa Z don katin jarrabawa, sai ajujuwan ƙasa suka fara rasa mutum ɗaya ko biyu. Ba wani kuskure da ya fito a allo. In kana shakka ka danna gidan ƙarshe na tabulon sau biyu, ka ga inda zanen launin ya kewaye.

Mushe Isufu, Tawa

Madalla, ya yi aiki, Allah ya saka. Sai dai da na tara H2 zuwa H9 sai na samu 405, alhali `=NBVAL(A2:A413)` na ba ni 412. Bakwai sun ɓace. Na bi kolon C da ido, ban ga gidan da ba komai ba.

Hajiya Mariyama, Yamai

Ka kyauta da ka gwada jimillar, ka bar gidan nan a ƙarƙashin tabulon har abada, ka cire ɗaya daga ɗaya, in ba sifili ba ne ka san akwai magana. Bakwai ɗin suna nan, rubutun ajinsu ne bai yi daidai da na kolon G ba. Kada ka wahalar da idonka, ka juya tambayar. Maimakon ka ce aji kaza sau nawa ya fito a jerin, ka tambayi kowane yaro ko ajinsa na cikin tabulon. A E2:

```
=NB.SI($G$2:$G$9;C2)
```

Ka ja har E413, ka tace kolon E ka bar masu 0 kaɗai. Su ne mutanenka. Yawanci fili ne ake bugawa bayan rubutun, ido ba ya ganinsa. `6e A` baƙaƙe 4 ne har da filin tsakiya, in `=NBCAR(C57)` ya ba ka 5 to akwai wanda ya ɓuya a ƙarshe.

Mushe Isufu, Tawa

Ga su sun fito. Biyar fili ne a baya, biyu kuma an rubuta `6eA` a haɗe. Na gyara da hannu, yanzu 412 cif.

Abdul mai gyara, Ƙonni

Da ka huta da gyaran. Ni tauraro nake sawa, `G2&"*"`, duk abin da ya biyo bayan sunan ya shanye shi.

Malama Hadiza, Madawa

Tauraron na shanye filin baya, wannan gaskiya ne, amma `6eA` ɗin nan biyu ba zai kama su ba. Kuma yana da haɗari inda ake sa wa ajujuwa lamba. Wata ƙawata makarantarsu babba ce, `6e 1` da tauraro sai ya haɗa da `6e 10` da `6e 11`, jimilla ta wuce adadin ɗalibai. Ni na fi son a tsabtace jerin da `SUPPRESPACE`, sannan a toshe ƙofar: zaɓi kolon C, shiga `Données`, `Validation des données`, ka zaɓi `Liste` ka nuna masa G2:G9. Daga nan mai bugawa zaɓa kawai zai yi. Sai dai wanda ya kwafo daga wani wuri ya manna, wannan yana tsallake shingen.

Alhaji Sani, Kasuwar Katako

Salamu alaikum malamai. Ni ma irin matsalata ce. Ina da jerin masu karɓar siminti bashi, suna da kuɗi. Na sa wannan `NB.SI` ɗin a kan sunan wani, sai ya ba ni 6, alhali bashinsa ya haura jika ɗari biyu. Ina kuɗin suka tafi?

Hajiya Mariyama, Yamai

Alhaji kuɗinka ba inda suka je. Shidan nan sau nawa sunansa ya fito ne, wato karɓa shida ya yi. Kai tarawa kake so, naka `SOMME.SI` ne, yana da ɓangare na uku inda za ka nuna masa kolon kuɗin.

Mushe, mu koma kan sauran kolon biyu. Mata a kowane aji sharaɗi biyu ne, aji da jinsi, `NB.SI` kuma ɗaya yake ɗauka. Akwai ƙanensa `NB.SI.ENS`, a Ingilishi COUNTIFS, tun Excel 2007 yake. A I2 da J2:

```
=NB.SI.ENS($C$2:$C$413;$G2;$B$2:$B$413;"F")
=NB.SI.ENS($C$2:$C$413;$G2;$D$2:$D$413;">=10")
```

Dole tsawon kolon biyun ya zama ɗaya, in ɗaya ya tsaya a 413 ɗayan a 400 za ka ga `#VALEUR!`. Shi `>=10` a cikin alamun `"` yake zama gaba ɗayansa. In kana son goman ta zauna a gida nata, misali L1, don a iya sauya ta, to `">="&$L$1` za ka rubuta. In ka tura L1 cikin alamun, rubutun L1 ɗin zai tafi nema, ya dawo maka da sifili.

Sakataren wata makaranta, Illela

Kolon mwayen ɗin nan shi ya fi ba ni wuya bara. Malamai uku suka kawo makinsu, ɗaya ya buga da ɗigo, `12.5`, mashin ɗinmu kuma waƙafi ta sani, `12,5`. Duk masu ɗigon sai Excel ya ɗauke su rubutu ne, ba lamba ba, sharaɗin `>=10` ya tsallake su shiru, `<10` ma ya tsallake su. Ajin malamin sai ya fito kamar masu cikakkiyar lamba irin 11 da 13 kaɗai suka ci. Alamar da na gane da ita, masu ɗigon sun jingina hagu a cikin gida, lambobin gaskiya suna dama. Yanzu ina gwada `NB` da `NBVAL` a kan kolon D, na farko lambobi kaɗai yake ƙirgawa, na biyu duk gidan da ke da wani abu. Bambancinsu ya kamata ya zama yawan waɗanda aka rubuta wa `abs` kawai. Gyaran da Ctrl+H na yi shi, na zaɓi kolon D na musanya ɗigo da waƙafi.

Amma akwai wadda har yau muke gardama a kanta. Yarinya mwayen ɗinta 9,996, gidan an saita shi ya nuna lamba biyu bayan waƙafi, sai ya nuna 10,00. A takardar da aka buga ta ci, a tabulon tana cikin waɗanda suka faɗi, domin `NB.SI` ainihin lambar yake dubawa, ba abin da ido ke gani ba.

Hajiya Mariyama, Yamai

Ni a nan `ARRONDI` nake sawa tun a wurin lissafin mwayen, da 2 a ƙarshe, don abin da ke takarda da abin da ake ƙirgawa su zama ɗaya. Uba ya ga 10,00 a takardar ɗiyarsa, me za ka ce masa?

Malama Hadiza, Madawa

Hajiya ni ban yarda sakatare ya yanke wannan shi kaɗai da formil ba. Ɗaga yaro daga 9,996 zuwa 10 hukuncin taron malamai ne. Mu a wurinmu ba ma taɓa lambar, mun ƙara kolon guda a tabulon mai sharaɗin `">=9,5"` da `"<10"`, mu fitar da sunayensu mu kai gaban taro. Mushe Isufu, ka tambayi daraktanku wanne yake so kafin ka buga, kuma ka duba ko akwai irin wannan yarinyar a cikin 412 ɗinka.