Me za mu kira dashbod da Hausa?

Nafisa_Singa: Salamu alaikum. Ina gyara wa maigidanmu shafin da yake duba kaya da ciniki a Google Sheets, muna sarin kayan masarufi a Kasuwar Singa. Da can kowane layi da launinsa, kore, shuɗi, ja, rawaya, har ba a gane inda matsala take. Yanzu na mayar da komai baƙin rubutu a kan farin fili, kan jadawalin ruwan toka, launi sai inda kaya za su yanke. Zan rubuta wa yaran shago bayani. Me zan kira shafin? Dashbod kawai?

Baban Ummi: Allon talla mana. Ko ba irin wanda ake kafewa a bakin shago ba?

Nafisa_Singa: A'a Baba, a kwamfuta yake, mu kaɗai ke gani.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Na fi ganin ana rubuta "allon bayanai", amma bai kwanta mini ba, don kowane jadawali allon bayanai ne. Sunan daga mota ya zo, kuma direba ya san fitilar mai da ta batir a mace suke muddin ana tafiya lafiya, sai an samu matsala su kama. Abin da kika yi ke nan. Ni "allon lura" zan ce. To amma yaya kika yanke inda ja zai fara?

Sagir: Ai wannan mai sauƙi ne. Duk abin da ya yi ƙasa da 100 ya zama ja. Haka na yi a kyamis ɗinmu.

Malam Habu: Sagir, da maganin da ke fita kullum da wanda ke wata bai motsa ba, duk 100? Ɗauki taliya katan 120, ana sayar da 30 a rana: kwana 4 ta ƙare. Sukari buhu 60, ana fitar da 4 a rana: zai kai kwana 15. Da lissafinka sukari ne zai yi ja, taliya ta zauna shiru, alhali ita ce za ta yanke. Kwanakin da kayan za su kai ake aunawa, a gwada su da kwanakin da mota ke ɗauka kafin ta sauke sabo. Nafisa, naku kwana nawa ne?

Nafisa_Singa: Daga oda zuwa saukewa kamar kwana 5, Malam. A gurbin B nake sa ragowar kaya, a C abin da ke fita a rana. Na shiga Conditional formatting, inda ake sa launi bisa sharaɗi, na sa wannan don ja:

```
=$B2<$C2*5
```

Na sa irinsa da 10 don ruwan goro. Na zaɓi ninkawa maimakon rabawa don kada ya kawo kuskuren #DIV/0! idan kaya ba su fita ba.

Malam Habu: Madalla. Ki tabbata dokar jan ce a sama. Taliyar nan ta cika sharaɗin biyun, kuma Sheets ta farko yake bi, idan ruwan goro ya riga sai jan ya ƙi fitowa ko da kaya sun ƙare ƙarƙaf. Ki gwada da sa 1 a B. Sannan ki ƙirga: in kaya 40 ne kuma kullum 15 ja ne, gejin ya yi sama, ba a jimawa ido zai saba ya daina gani.

Hajiya Rabi: "Geji" ɗin nan ma ki riƙe shi, yara sun san "ya wuce geji". Ni dai allon lura ya yi mini kama da abin makaranta. "Allon sa-ido" fa? Kuma 'yata, Alhajin naku ya yarda ki cire masa koren? Nawa in bai ga kore ba cewa yake babu ciniki.

Sagir: Sa-ido kuma Hajiya? Sai yara su ɗauka su ake sa wa ido.

Nafisa_Singa: Wallahi Hajiya ya tambaya. Na nuna masa layi 36 kore, 4 ja, sannan na kashe koren, ya ce yanzu ne ya ga jan. Amma har yau yana so a bar kore a kan cinikin rana.

Malam Habu: Akwai wani dalilin. Wasu, galibi maza, ba sa rarrabe ja da kore, kuma in an buga a takarda baƙi da fari duka biyun toka-toka suke fita. Ki ƙara gurbi a gefe mai rubuta YI ODA, don kada launi ya zama shi kaɗai ne shaida.

Baban Ummi: To ni na ce a bar shi dashbod, kowa ya huta.

Nafisa_Singa: A takardar zan sa allon lura, da gejin ja, da gejin ruwan goro. A baki kuwa na san dashbod za su ce. Malam, bashin kwastomomi fa, daga kwana nawa zai fara ja? Wasu sati biyu muke ba su, wasu wata.