Abin da aka tattara kan gane doya, rogo da dankali masu kyau a kasuwa

Jama'a, ga taƙaitawar abin da 'yan uwa suka faɗa kan sayayya a kasuwar Agbogbloshie ta Accra da kasuwar Kejetia ta Kumasi.

1. Doya: kowa ya yarda a ɗaga ta a ji nauyi. Babbar doya marar nauyi ta bushe ko ta ruɓe a ciki. A danna kai da gindi da yatsa, domin ruɓa ta fi farawa daga can ko daga inda fartanya ta sara. In wurin ya lotsa, ko yana tsami, kada a saye ta. Wasu masu sayarwa kan shafe ciwon da laka, don haka a kankare ƙasar da farce a duba. An rabu kan irin doyar da ake kira puna: wasu sun ce daɗinta ya isa, wasu sun ce ba ta jure ajiya, a sayi ta mako ɗaya kawai.

2. Rogo: kwana 2 zuwa 3 bayan haƙa yake fara lalacewa. A ce mai kaya ta karya bakinsa. Fari tas ake so. Mai baƙin zane a ciki ba zai yi fufu mai kyau ba.

3. Dankalin Hausa: ƙananan huji a bawo alamar ƙwaro ce, kuma cikinsa ɗaci ne ko an dafa.